BABI NA TARA: MAYAR DA TSAKUREN ƘARAMIN SAKATARE ZUWA RUBUTACCEN BAYANIN TARO

9.0 Gabatarwa

Sabon malami ba ya daɗewa a makaranta kafin a miƙa masa biro da takarda a ce ya rubuta abin da ake tattaunawa a wurin taro. Tun bayan da aka kafa dokar ilimin bai-ɗaya a shekarar 2004, kuma aka shigo da tsarin kwamitin kula da makaranta wanda ya haɗa iyaye da malamai da shugabannin al'umma, tarurruka sun yawaita a makarantun firamare. Galibi hedimasta ne sakataren irin wannan kwamiti. To amma da yake shi ne mai amsa yawancin tambayoyi a zauren taro, yakan ɗora wa wani ƙaramin malami nauyin rubutu. Wannan malami shi ake nufi da ƙaramin sakatare a wannan babi.

Babin zai nuna yadda ake mayar da abin da ƙaramin sakatare ya tsakuro da hannu ya zama rubutaccen bayanin taro, wanda ma'aikatan ofis ke kira minit, kafin ranar taron ta faɗi. An gina darasin a kan misali guda na wata makarantar firamare a yankin Marnona, cikin ƙaramar hukumar Wurno ta Jihar Sakkwato. Taron da alƙalumman da ke cikinsa duk na koyarwa ne.

9.1 Bambancin Tsakure da Bayanin Taro

Tsakure shi ne rubutun gaggawa da mutum ke yi wa kansa yayin da ake magana. Baki ya fi hannu sauri, saboda haka mai rubutu yakan gajarta kalmomi, ya yar da aikatau, ya sa harafi ɗaya a madadin sunan mutum. Idan ya duba takardar bayan sa'a ɗaya zai gane ta sarai, domin rabin bayanin ne ke kan takarda, sauran rabin yana cikin kansa.

Bayanin taro kuwa ana rubuta shi ne domin wanda bai halarci taron ba, kamar jami'in hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ko mai binciken kuɗi, ko sabon hedimastan da zai zo bayan shekara uku. Irin wannan mai karatu ba shi da wanda zai tambaya. Abin da yake nema shi ne amsar tambayoyi huɗu: me aka yanke, wa aka ɗora wa aikin, nawa za a kashe, kuma yaushe za a gama? Don haka bayanin taro ba labarin duk abin da aka faɗa ba ne. Shaida ce ta abin da aka tsayar, tare da taƙaitaccen dalilin da ya sa aka tsayar da shi. Tun da dokar 'yancin samun bayanai ta shekarar 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnatin da ta shafa adana bayanan ayyukansu, ya kyautu mai rubutu ya ɗauka cewa wata rana baƙon ido zai karanta abin da ya rubuta.

9.2 Dalilin Yin Aikin a Ranar Taro

Dalili na farko shi ne mantuwa. Tun a shekarar 1885 Bajamushen masanin nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan an koyi abu, daga baya ne take lafawa. Ke nan rabin bayanin nan da ke cikin kan ƙaramin sakatare shi ne ke fara zubewa. Abin da ya fi muni shi ne, mutum ba ya jin zubewarsa. Idan ya ɗauko takardar bayan mako guda, zuciyarsa za ta cike masa giɓin da abin da ya fi kama da gaskiya, ya rubuta shi yana mai sakankancewa.

Dalili na biyu shi ne watsewar mahalarta. A yankin Wurno da Goronyo, inda noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa ya kankama a fadamun gulbin Rima, ɗan kwamiti yana iya barin taro ya wuce gona ko kasuwa, a kwana biyu ba a sake ganinsa ba. A ranar taro kuwa shugaba da ma'aji suna kusa, kuma abin da aka faɗa bai gushe daga kunnuwansu ba.

Dalili na uku shi ne aiki ba ya jiran rubutu. Idan an yanke cewa a sayo kaya jibi, za a sayo su ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Bayanin da aka rubuta bayan an kashe kuɗi yakan bi abin da aka riga aka yi, maimakon ya zama ma'aunin da za a auna aikin da shi.

9.3 Misalin Tsakure

A ɗauka kwamitin makarantar ya zauna ranar Laraba, 7 ga watan Mayu, domin iska ta yaye rufin aji huɗu, ga damina tana ƙaratowa. Ga abin da ƙaramin sakatare ya rubuta:

fara 10 da kwata, addu'a liman. mutum 11, uzuri 2
rufi aji 4. HM: yara ƙarƙashin bedi
kwano bndr 3, 45. katako 36. ƙusa 9. kafinta 20. duka 200
asusu 260
munka yarda. M zai sayo jibi + wak. iyaye
gama Litinin ta sama
wak. mata: malamin aji 2 bai zuwa, ta yi zafi, hayaniya
Sh: a bincika
rijiya, a'a?
tashi 12 saura

Wanda ya rubuta wannan ya yi ƙoƙari, domin ya kama ƙashin bayan taron. Amma akwai giɓi biyar a ciki, kuma kowannensu yana iya haddasa rigima idan aka cike shi da zato.

9.4 Mataki na Farko: Karatu da Gano Giɓi

Da zarar an tashi, hedimasta da ƙaramin sakatare su zauna tare, kafin kowa ya shiga wata hidima. Ƙaramin sakatare ya karanta tsakurensa da ƙarfi, layi bayan layi, yana faɗin cikakkiyar ma'anar kowace gajeriyar kalma. Duk inda ya yi jim, ko ya ce "ina jin", to nan giɓi yake, sai a yi masa alama da biro mai wani launi. Ba a goge komai daga ainihin takardar, ba a kuma rubuta sabon abu a kan tsohon rubutu. Ƙarin bayani a gefe ake sa shi, domin a iya rarrabe abin da aka rubuta a zaure da abin da aka ƙara daga baya.

Giɓi na farko yana cikin kuɗi. An rubuta "kwano bndr 3, 45". Shin naira dubu 45 kuɗin bandir ukun ne gaba ɗaya, ko kuwa na kowane bandir? A nan lissafi ne zai raba gardama. Idan 45 kuɗin duka ne, to haɗa shi da 36 da 9 da 20 zai ba da 110, wanda bai yi daidai da 200 da aka rubuta ba. Idan kuwa na kowane bandir ne, kwano ya tashi 135, a ƙara 65 na katako da ƙusa da ladan kafinta, jimla ta zama 200 cif. Ke nan 45 farashin bandir ɗaya ne. Duk da haka sai ma'aji ya tabbatar, sannan a nemi takardar ƙiyasin kafinta a liƙa ta a fayil. Da an bar wannan layi har mako ya zagayo, aka rubuta cewa kwano ya ci dubu 45, mai binciken kuɗi zai tarar an fitar da dubu 200 alhali kayan da aka lissafa na dubu 110 ne. Sai a wayi gari ana tuhumar ma'aji da cin dubu 90 da bai ci ba.

Giɓi na biyu shi ne harafin "M". Yana iya zama ma'aji, ko mataimakin shugaba, ko wani malami. Idan ƙaramin sakatare ya tuna sarai, shi ke nan. Idan yana kokwanto, shugaban taro za a tambaya. A wannan misali ma'aji ake nufi.

Giɓi na uku shi ne lokaci. Kalmomin "jibi" da "Litinin ta sama" suna da ma'ana ne kawai ga wanda ya san ranar da aka faɗe su. Tun da taron na Laraba 7 ga wata ne, jibi ita ce Juma'a 9 ga wata. Litinin mai zuwa 12 ga wata ce, ta sama kuwa 19 ga wata. Da yake mutane sukan saɓa wajen amfani da "ta sama", wajibi ne a tabbatar daga bakin shugaba kafin a rubuta kwanan wata. Haka nan "12 saura" bai cika ba, sai an san ko saura kwata ne ko saura minti goma.

Giɓi na huɗu shi ne "a bincika". Wa zai bincika, kuma yaushe zai kawo sakamako? Idan taron ya ambaci mutum, a rubuta shi. Idan bai ambata ba, sakatare ba shi da ikon naɗa kowa da alƙalaminsa. Zai rubuta cewa shugaba ya ba da umarnin a bincika, sannan ya ja hankalin shugaba cewa ba a ɗora wa kowa aikin ba.

Giɓi na biyar shi ne "rijiya, a'a?". Ƙin amincewa daban, ɗage magana daban. Idan an ƙi, batun ya mutu sai wani ya sake kawo shi. Idan an ɗage, dole ya fito a ajandar taro na gaba. Alamar tambayar da ƙaramin sakatare ya sa ta nuna shi kansa bai tabbata ba, kuma ya kyauta da ya sa ta. A wannan misali shugaba ya ce ɗagewa aka yi saboda ƙarancin kuɗi.

Ƙa'idar wannan mataki ita ce, giɓi da tambaya ake cike shi, ba da zato ba. Idan an tambayi shugaba da ma'aji suka saɓa, sai a rubuta iyakar abin da aka tabbatar, a bar sauran ga taro na gaba ya warware.

9.5 Mataki na Biyu: Tacewa da Tsarawa

Mutane ba sa magana bisa tsari. Ana cikin batun rufi wani zai sako rijiya, a koma rufi, a sake dawowa. Mai rubuta bayanin taro yana tattara duk abin da ya shafi batu ɗaya a ƙarƙashin kanu ɗaya, bisa jerin ajanda, ya ba kowane batu lamba. A ƙarƙashin kowane kanu abubuwa uku ke zuwa a jere: abin da aka gabatar, taƙaitaccen abin da aka tattauna, da shawarar da aka yanke.

Wurin da tacewa ta fi wuya shi ne inda rai ya ɓaci. Tsakuren ya ce wakiliyar mata "ta yi zafi" kuma an yi "hayaniya". Waɗannan kalmomi hukuncin mai rubutu ne, ba su da gurbi a bayanin taro. Amma ƙorafin kansa ba a yar da shi, domin yar da shi zalunci ne ga mai ƙorafi da yaran da ta yi magana dominsu. Haka kuma ba a rubuta shi tamkar an tabbatar, domin wannan zalunci ne ga malamin da ba a ji ta bakinsa ba. Jumlar "malamin aji biyu ba ya zuwa aiki" hukunci ce. Jumlar "wakiliyar mata ta yi ƙorafin cewa malamin aji biyu ba ya zuwa aiki a kai a kai" rahoto ce. Ta biyun ita ake bukata.

9.6 Mataki na Uku: Harshen Bayanin Taro

A nan ne ilimin ɗalibin Hausa yake aiki. Sauyi uku ake yi wa harshen tsakure.

Na farko, maganar baki tana komawa rahoto. Wakilin suna na mai magana yana komawa na wanda ake ba da labarinsa, lokaci kuma ya koma shuɗaɗɗe. Idan ma'aji ya ce "zan sayo jibi", sai a rubuta "ma'aji ya ɗauki alkawarin sayowa ranar Juma'a". Zaɓen aikatau yana da nauyi ƙwarai. "Ya ba da shawara" na nufin ra'ayin mutum ɗaya ne. "An tattauna" na nufin ba a kai ga matsaya ba. "An amince" ko "an yanke" na nufin magana ta zama ta kwamiti, kuma ana iya fitar da kuɗi a kanta. Sakataren da ya musanya ɗaya da ɗaya ya sauya abin da taro ya yi.

Na biyu, karin harshe yana komawa daidaitacciyar Hausa. Mahalarta taro a Marnona da Sakkwatanci za su yi magana, kuma hannun mai tsakure yakan bi kunnensa. Wajen rubuta bayanin taro, "munka" da "sunka" da "anka" suna komawa "muka" da "suka" da "aka", "shina" ya koma "yana", "biyat" ta koma "biyar". Wannan ba raina karin harshe ba ne. Dalilinsa shi ne takardar hukuma tana iya zuwa hannun wanda ba ɗan yankin ba. A kula kuma da kalmomin ƙidayar kasuwa. "Jaka" a bakin 'yan kasuwar Nijeriya naira 200 ce, a Nijar kuwa jaka sefa 1,000 ce. Saboda haka kuɗi da sunan naira ake rubuta su, da alƙaluma da kuma kalmomi.

Na uku, a kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman inda kuskure ke sauya ma'ana. Rashin lanƙwasa yana mayar da "ƙusa" ta zama "kusa", "ƙofa" ta zama "kofa". Raba kalma ma haka: "a kan yi taro" da "akan yi taro" ba ɗaya ba ne, domin "a kan" tana nuna wuri ko batu, "akan" kuwa tana nuna sabo.

9.7 Yadda Bayanin Ya Kasance

Bayan kanun da ke ɗauke da sunan makaranta, da irin taron, da wuri, da cikakken kwanan wata har da shekara, sai jerin sunayen mahalarta 11 da muƙamansu, da na mutum 2 da suka aiko da uzuri. Ana kwafo sunayen ne daga takardar da kowa ya sa wa hannu. Daga nan sai gundarin bayanin:

1. Buɗe Taro. An buɗe taro da ƙarfe 10:15 na safe da addu'a daga bakin liman.

2. Gyaran Rufin Aji Huɗu. Hedimasta ya sanar da kwamiti cewa iska ta yaye rufin aji huɗu, kuma ɗalibai suna karatu a ƙarƙashin bishiya. An gabatar da ƙiyasi kamar haka: kwano bandir 3 a kan naira 45,000 kowane bandir, naira 135,000, katako, naira 36,000, ƙusa, naira 9,000, ladan kafinta, naira 20,000. Jimla naira 200,000. Ma'aji ya bayyana cewa akwai naira 260,000 a asusu. Shawara: An amince a fitar da naira dubu ɗari biyu (200,000) domin gyaran. Ma'aji tare da wakilin iyaye za su sayo kayan ranar Juma'a, 9 ga Mayu. Za a kammala aikin ranar Litinin, 19 ga Mayu.

3. Zuwan Malamai Aiki. Wakiliyar mata ta yi ƙorafin cewa malamin aji biyu ba ya zuwa aiki a kai a kai. Shawara: Shugaba ya ba da umarnin a bincika.

4. Gyaran Rijiya. An ɗage wannan batu zuwa taro na gaba saboda ƙarancin kuɗi.

5. Rufe Taro. An tashi da ƙarfe 11:45 na safe.

A lura cewa ba a rubuta ragowar naira 60,000 a matsayin abin da taro ya faɗa ba, ko da yake lissafi ya nuna haka, domin ba wanda ya ambace ta a zaure. A ƙasan shafi ana barin gurbi biyu na sa hannu da kwanan wata, ɗaya na shugaba, ɗaya na sakatare.

9.8 Dubawa, Adanawa da Iyakar Aikin

Kafin a rufe littafi, mutum ɗaya ya riƙe tsakure, ɗaya ya karanta sabon rubutu, suna bi layi-layi. Abu biyu ake nema: abin da ke cikin tsakure da ya ɓace, da abin da ya shigo bayanin alhali ba ya cikin tsakure kuma ba wanda ya tabbatar da shi. Alamomin bayanin da bai nuna ba a bayyane suke. Za a ga jimlar kuɗi ba ta yi daidai da rassanta ba, ko ranar mako ta saɓa wa kalanda, ko a ga "za a yi" babu mai yi, ko kalmomi irin su "da sauransu" a wurin da ake lissafa kayan da za a saya.

Idan da hannu ake rubutawa, a yi amfani da ɗinkakken littafi mai lambobin shafi, wanda ba a iya cire masa takarda ba tare da an gane ba. Kuskure da layi ɗaya ake soke shi yadda za a iya karanta abin da aka soke, a sa hannu a gefe. Idan da kwamfuta ne, a buga a takarda, a liƙa a littafin. Ainihin tsakuren kuma a adana shi a fayil, aƙalla har taro ya amince da bayanin.

Abin da aka kammala a ranar taro daftari ne. Shugaba yana iya duba shi ya gyara kuskuren suna ko na adadi, amma ba shi da ikon sauya shawarar da aka yanke. Daftarin ba ya zama tabbatacciyar shaida sai an karanta shi a taro na gaba, an yi gyara idan akwai, wani ya gabatar da ƙudurin amincewa, wani ya goyi baya, sannan shugaba da sakatare su sa hannu.

9.9 Kammalawa

An ga cewa tsakure rabin bayani ne, kuma sauran rabin yana zubewa da sauri. An bi matakai uku na cike shi, wato gano giɓi da tambaya, tacewa da tsarawa, da daidaita harshe. Misalin rufin aji huɗu ya nuna yadda lamba biyu da aka rubuta cikin gaggawa ke iya jawo wa mai gaskiya tuhumar naira dubu 90, da yadda zaman sa'a guda a ranar taro ke kawar da ita.

Tambayoyin Bita

1. Kawo bambanci uku tsakanin tsakure da bayanin taro.
2. Bayyana bambancin "ya ba da shawara" da "an tattauna" da "an amince", tare da misalin jumla ga kowanne.
3. An yi taro ranar Talata, 14 ga wata. Tsakure ya ce: "alli kwali 4, 3, rajista 6, duka 18, M zai kawo gata". Gano giɓin da ke ciki, ka nuna wanda lissafi zai warware da wanda sai an tambaya, sannan ka rubuta shi a matsayin sakin layi na bayanin taro.
4. Me ya kamata sakatare ya yi idan shugaba ya nemi ya cire ƙorafin wakiliyar mata daga daftari? Kafa hujja da abin da ke cikin wannan babi.